Me ya sa sai an gaisa kafin mutum ya faɗi abin da ya kawo shi?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar tattasai ta Diffa, ko ya tsaya a bakin Komadugu yana jiran kwalekwale, ya san ba a buɗe baki da "nawa ne?" ko "ba ni". Sai an yi sallama an amsa, an tambayi kwana da gajiya da iyali, sannan a zo kan abin da ya haɗa mutane. Wasu daga cikin samarinmu na ganin ɓata lokaci ne kawai, balle yanzu da kowa ke riƙe da salula, kuɗin kira kuma na tafiya da daƙiƙa. Mu dai a namu ganin, gaisuwar nan aiki take yi, kuma babban aikinta shi ne ta gaya wa mai buƙata ko ƙofa a buɗe take tun kafin ya kai ga roƙo. Wanda ake nema wajensa kuma ta ba shi sararin shirya amsa, ko da amsar a'a ce, ba tare da an ji kunyar juna ba.

Bari mu ɗauki misali daga aikin da ya fi ciyar da mutanen kwarin nan. A ce manomin tattasai ne a wani ƙauye tsakanin Diffa da Geskeru. Watan Nuwamba ne, tattasai ya yi fure ya fara ɗaura ƴaƴa, sai injin ban ruwansa ya tsaya. Kowane manomi ya san abin da ke biyo baya: in gona ta yi ƴan kwanaki ba ruwa a irin wannan lokaci, fure zai zube, wahalar watanni ta tafi a banza. Maƙwabcinsa na gona, wani dattijo da ya girme shi, yana da inji. Abin da yake so a fili yake, aron inji na yini biyu. Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ba haka zai faɗe ta ba.

Da hantsi zai je ƙofar gidan dattijon, ya tsaya daga waje ya ce, "Salamu alaikum." Ba zai kutsa kai ba sai an amsa. Wannan kalma ta farko ita ce ƙwanƙwasa ƙofa. Tana sanar da mutanen gida cewa akwai mutum, muryarsa ta nuna namiji ne ko mace, sananne ne ko baƙo, matan gida su samu damar gyara lulluɓi ko shigewa ɗaki. Malamai suna karantar da mu cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya koma, kuma Suratun Nur ta yi umarni da neman izini da sallama kafin shiga gidan da ba naka ba. Ke nan tun a matakin farko an bar wa mai gida hanyar ƙin ganin baƙo: ya yi shiru, ko ya aiko yaro ya ce yana hutawa. Babu wanda aka ci wa fuska.

To, an amsa. Dattijo ya fito, an shimfiɗa tabarma. Manomin zai tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya fara:

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Yaya aikin gona?"

"Da godiya."

"To, madalla."

Wanda bai san kan abin ba zai ce ai babu wani labari a cikin wannan, tunda amsoshin duk an san su tun kafin a yi tambayar. Haka ne. Ko mutum bai runtsa ba daren jiya, "lafiya lau" zai ce. Ko yana kwance a asibiti, iyakarsa ya ce "da sauƙi". Amma daidai saboda kalmomin ba sa canzawa ne kunne yake samun damar sauraron abin da ke canzawa: murya, saurin amsa, da inda idon mutum yake kallo. Ai labarin zuciya a tambayi fuska. In dattijon ya amsa da sakin fuska, ya mayar da tambayoyin, ya ce "yaya naka iyalin, yaya jikin tsohuwa?", ya sa yaro ya kawo ruwa, manomin ya san hanya a share take. In kuwa amsa ta zo gajera-gajera, ba a mayar masa da ko tambaya ɗaya ba, dattijo na ta duban hanya, to akwai wani abu. Wataƙila rashin lafiya a cikin gida, wataƙila wani tsohon saɓani kan iyakar gona da bai gama hucewa ba. Mai hankali a nan sai ya ce, "Dama gaishe ka na zo yi, Baba," ya tashi da mutuncinsa, ya nemi inji wani wuri. Bai roƙa ba, ba a hana shi ba, gobe za su haɗu a masallaci kamar ba a yi komai ba.

Akwai kuma abin da gaisuwa ke kare mutum daga gare shi, wato roƙo a gidan makoki. A yankin da mutane suka warwatsu, labarin rasuwa ba ya isa ko'ina a kan lokaci. Tambayar "yaya iyali?" ita ce ke ba mai gida damar cewa, "Sai haƙuri, ai mun yi rashi shekaranjiya." Nan take ziyara ta juye ta zama ta'aziyya, maganar inji ta koma aljihu. Ku yi tunanin nauyin da mutum zai ji in ya riga ya zazzage buƙatarsa kafin ya ji wannan.

A misalinmu dai a ce an amsa da fara'a. Duk da haka manomin ba shi zai yi tsalle ya faɗa kan magana ba. Bayan an sha ruwa sai a ɗan yi shiru, kuma yawanci mai gida ne ke buɗe ƙofa ta biyu: "Lafiya dai ko, da hantsin nan?" Wannan "lafiya" daban take da ta farko. Ta farko al'ada ce, wannan kuwa tambaya ce ta gaske, ma'anarta faɗi abin da ke tafe da kai. Sai manomin ya ce, "Lafiya lau, Baba, sai alheri. Dama injina ne ya ba ni matsala tun jiya." Ku lura da kalmar "dama". Ita ce gadar da Bahaushe ke bi ya tsallaka daga gaisuwa zuwa buƙata, kamar yadda masu rubuta wasiƙa a da suke cewa "bayan gaisuwa mai yawa". Ku kuma lura bai ce "ara mini naka" ba tukuna. Matsalarsa ya faɗa, ya bar wa dattijo ya ƙarasa. In dattijo na da niyya zai ce, "Af, ai sai ka ɗauki nawa, ka dai zuba mai." In ba ya so, ko shi ma yana ban ruwa a ranar, zai ce, "Kai, Allah ya kyauta, ni ma nawa yaran sun fita da shi." An hana ke nan, amma kalmar hani ba ta fito daga bakin kowa ba.

Wa ke fara gaisuwa?

Akwai wani abu a cikin misalin nan da muka saba gani har mun daina lura da shi. Manomin ne ya taka ya je, shi ya fara magana, shi ya rage tsawo, kuma shi ya fi yin tambayoyi. Wannan ba don shi ke da buƙata kaɗai ba ne. Ƙa'idar da muka tashi da ita ita ce yaro ke gaida babba, mai tafiya ya gaida na zaune, na kan abin hawa ya gaida na ƙasa, ƴan kaɗan su gaida masu yawa, kuma haka ya zo a hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito. Saboda haka gaisuwa tana tsara wa kowa wurin zamansa kafin a fara magana. Kalmar da aka zaɓa ma tana yin wannan aiki. Wanda ya ce "Baba" ya mai da kansa ɗa, kuma uba ba ya rasa abin da zai yi wa ɗansa. Wanda ya ce "Alhaji" ya tuna wa mutum cewa Allah ya hore masa. Wanda ya ce "Malam" ya ba da girma ba tare da ya jawo zumunta ba. A gaban Bulama ko Lawan kuwa abin ya fi haka: a tuɓe takalmi tun daga nesa, a zauna ƙasa, a sunkuyar da kai, ba a zuba wa babba ido.

Wata mai bincike Ba'amurkiya, Judith Irvine, ta zauna cikin Wolof na ƙasar Senegal, ta kuma wallafa nazari kan gaisuwarsu a 1974. Abin da ta gani zai yi wa mutumin Diffa kama da na gida: na ƙasa ke zuwa wajen na sama, shi ke fara gaisuwa, shi ke jero tambayoyi. Amma ta lura da wani abin dariya. Wani lokaci mutane biyu kan yi rige-rigen zama na ƙasa, kowa na son ya riga ɗan'uwansa gaisuwa, domin wanda aka ɗora a sama shi kyauta ke hawa kansa. Mu ma mun san wannan. In wanda kuke sa'o'in juna ya tare ka da "ranka ya daɗe" har da ɗaga hannu, to fara laluben aljihu. Ba banza ba Hausa ta kira abin da ake kai wa sarki ko suruki "gaisuwa", ta kuma ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

A Diffa gaisuwa har harshe take zaɓa

A Kano ko Maraɗi mutum bai cika tunanin da wane harshe zai gaisa ba. A nan kuwa dole ne. A layi ɗaya na kasuwa za ka tarar da Barebari, Mangawa da Mobawa, ga Fulani, ga Tubawa, ga Larabawa, ga Buduma daga bakin tafki, ga Hausawa ƴan kasuwa daga Damagaram, ga ma'aikacin gwamnati Bazabarme da aka turo daga Yamai. "Salamu alaikum" ta kowa ce, shi ya sa ta fi dacewa da buɗe baki, ba ta nuna ɓangare. Abin da ke biyo bayanta shi ne gwaji. Ka ce "ina kwana", in aka amsa maka da "lafiya lau", ciniki zai tafi da Hausa. In ka ce "wushe" ko "nda watu" aka amsa da "kilewa", an koma Barbarci. In Bafulatani ya ji ka tambaye shi "jam", ko da iyakar Fulatancinka ke nan, za ka ga fuskarsa ta sake. Cikin daƙiƙa kaɗan mutum biyu sun daidaita kan harshen da za su yi magana, ba wanda ya tambayi wani ƙabilarsa.

Ƴan kasuwar Hausawa da suka daɗe a garin nan sun san sirrin. Da yawansu ba su iya doguwar hira da Barbarci ba, amma gaisuwar kam sun haddace ta tsaf, su yi ta da harshen mai kaya, sannan a juya Hausa wajen farashi. Mai kaya ya san ba harshensu ba ne, kuma daidai wannan ne ke faranta masa rai, domin ya ga an tako an zo inda yake. A buro kuma wani tsarin ne. Mutum ya ce "bonjur" ma'aikaci ya ɗauka ya yi lakkol, ya zuba masa Faransanci. Tsohuwar da ta zo neman takardar haihuwar jikanta ta yi sallama, ta ce "sannu da aiki, ɗana", ta riga ta gaya masa da wane harshe za a yi, ta kuma ɗora masa nauyin ɗa.

Shekarun tashin hankali sun ƙara wa wannan gaisuwa nauyi. Tun da Damasak ta faɗa hannun Boko Haram a watan Nuwamban 2014 mutane suka yi ta tsallako kogi. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur. A watan Mayun wannan shekara aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi, sannan bayan harin Bosso na watan Yunin 2016 dubban iyalai suka zo suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Garin da kusan kowa ya san kowa ya cika da fuskokin da ba a sani ba, kuma a lokacin da rashin sanin mutum abin tsoro ne. A irin wannan hali, baƙon da ya ratso unguwa bai ce wa kowa uffan ba, idanu na kansa har ya ɓace. Wanda ya tsaya ya yi sallama ga majalisar dattawa ya ba su muryarsa da karin harshensa, ya ba su damar su ce, "Daga ina, Malam? Gidan wa kake nema?" ba tare da tambayar ta zama tuhuma ba, tunda cikin gaisuwa ta zo. Ba muna cewa sallama shaidar kirki ba ce, mugu ma ya iya ta sarai. Abin da take yi shi ne ta buɗe hanyar tambaya.

Wani abu kuma da muka lura da shi: kalmar "lafiya" ta koma ga ma'anarta ta asali. Da ana cewa "kun kwana lafiya?" baki ne kawai ke faɗa. A shekarun da ake kwana ana jin ƙarar bindiga, mai kiran ɗan'uwansa a Tumur ko Bosso da asuba yana tambaya ne da gaske, kuma yana riƙe numfashi kafin amsa ta zo.

Inda abin ke ɓaci

Gaisuwa tana da ma'auni, kuma ana kuskure ta gefe biyu. Gajartawa ita ce wadda kowa ya sani. Ka shiga shago ka ce "ba ni sukari", mai shago ya dube ka ya ce, "Ina kwana?" Wannan ba gaisuwa ba ce, gyara ne, yana nufin ka mai da shi kamar ba mutum ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsawaitawa ma laifi ce. In wanda bai taɓa tambayar lafiyar kakarka ba ya zo yau yana tambayar kaji da awaki, ya zagayo "ina gajiya" sau uku, kowa ya san da walakin, goro a miya. Mai gida tun a nan zai fara ɗaure fuska yana shirya uzuri, gaisuwar da aka yi don ta buɗe ƙofa ta zama ita ta rufe ta. Ma'aunin shi ne tsawon rabuwa da girman mutum. Wanda kuka rabu jiya da dare, tambaya biyu ta isa. Wanda ya dawo daga Gigimi bayan wata shida, sai an zauna. A layin asibiti kuma, inda mata talatin ke bayanka da yara a goye, "sannu da aiki" ɗaya ta wadatar, ma'aikaciyar jinya ma za ta fi gode maka.

Mafi munin kuskure dai shi ne gaisuwar da ba a yin ta sai ranar buƙata. Manomin misalinmu ya samu inji ne saboda ya saba tsayawa a bakin gonar dattijon ya ce "sannu da aiki, Baba" a ranakun da ba ya neman komai. Gaisuwar ranar roƙo tana cin albarkacin waɗancan ne.

Sai batun salula, inda rigimar ta fi yawa yanzu. Wani masani Ba'amurke, Emanuel Schegloff, ya saurari farkon kiran tarho wajen 500, ya wallafa abin da ya gano a 1968. Ya nuna cewa kira da amsa alkawari ne ta gefe biyu: wanda ya amsa ya yarda zai saurara, wanda ya yi kiran kuma wajibi ne ya ci gaba da magana. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa saƙon WhatsApp mai ɗauke da `Slm` kaɗai yake ɓata wa mutane rai. Mai saƙon ya ƙwanƙwasa, an amsa, shi kuma ya ɓace sai bayan awa uku ya dawo da "ya kk". A kan tabarma gaisuwa na tafiya ne da ganin fuska da jin murya, cikin minti ɗaya an gama an san inda aka dosa. A rubuce babu fuska babu murya, don haka jan gaisuwar ba ya gwada komai, sai dai ya bar mutum cikin zullumi, musamman a yankin da saƙon dare ke sa gaba faɗuwa. Abin da ya fi, a ganinmu, shi ne a haɗa su a saƙo ɗaya: sallama, sunan mai magana in lambar baƙuwa ce, tambayar lafiya guda, sannan "dama" da buƙatar. In kuwa babba ne kuma abin da ake nema mai nauyi ne, kamar rance ko maganar aure, saƙo bai isa ba. A kira a gaisa a nemi lokaci, sannan a taka a je.

Akwai wuri ɗaya da al'ada da kanta ta yafe gaisuwa. In aka buga ƙofa da tsakar dare, mai gida ba ya cewa ina wuni, "Lafiya?" kawai yake cewa. In na waje ya amsa "ba lafiya ba", an tsallake duk sauran. Haihuwa ce ta zo da gardama, ko Komadugu ce ta fasa ta shigo unguwa kamar yadda ta yi a 2019 da 2022, sai a ɗauko fitila a fito. Washegari, in ƙura ta lafa, wanda ya buga ƙofar zai dawo da hantsi ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya tambayi kwana da gajiyar jiya.